Shekarun Kamfani: Ranar Kafawa, Ranar Rajista da Ranar Fara Aiki

Duk wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin ma'aikaci a ofishin gwamnati ya san cewa ranar da aka rubuta wa mutum takardar ɗauka daban take da ranar da ya kama aiki, kuma dukkansu daban suke da ranar da aka tabbatar da shi. In an zo lissafin albashi akwai wadda ake dubawa, in an zo maganar girma a tsakanin abokan aiki akwai wadda ake dubawa. Akawun da ya cakuɗa su zai cuci wani, ko kuwa ya sa baitulmali ya yi hasara.

To, haka al'amarin kamfani yake. Shi ma yana da ranaku uku. Akwai ranar da aka kafa shi, akwai ranar da aka yi masa rajista ya zama mutum a idon doka, sa'an nan akwai ranar da ya buɗe ƙofa ya fara ciniki. Wani lokaci ranakun nan suna kusa da juna, wani lokaci kuwa akwai shekaru masu yawa a tsakaninsu. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne kowace ɗaya tana amsa tambayarta daban, kuma ta biyun ce kaɗai take da takardar shaida daga hukuma.

Banki ɗaya, shekarun haihuwa da yawa

Babu misalin da ya fi na bankin First Bank bayyana wannan magana. A kan allunan bankin da takardunsa ana ganin shekarar 1894, kuma da ita ya yi bikin cika shekara 100 a 1994, da na cika shekara 125 a 2019. Babu ƙarya a cikin wannan. Amma in aka tambaya ko mene ne ainihin abin da ya faru a 1894, sai a ga amsar tana da rassa.

Tun kafin wannan shekara akwai aikin banki a Ikko, watau Legas. Wani banki mai suna African Banking Corporation ya buɗe reshe a can a farkon shekarun 1890, amma bai ji daɗin zaman ba. A 1893 sai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ya karɓi harkar ya ci gaba da gudanar da ita. Shugaban kamfanin nan, Alfred Lewis Jones, da wakilinsa na Ikko, George William Neville, su ne suka tsaya a kan al'amarin. Ran 31 ga watan Maris 1894 aka yi rajistar sabon kamfani a Ingila mai suna Bank of British West Africa, aka sa babban ofishinsa a birnin Liverpool, shi ya gaji cinikin da ake yi a Ikko.

A nan mai karatu zai lura da abu biyu. Na farko, ciniki ya riga rajista: kanta da ake karɓar kuɗi a kai ta riga takardar shaida zuwa duniya. Na biyu, rajistar 1894 ta ƙasar Ingila ce. A lokacin ma ba a haɗe Kudu da Arewa ba, don sai a 1914 aka yi wannan, kuma dokar kamfanoni ta farko a wannan ƙasa sai a 1912 aka kafa ta, ita ma a yankin Ikko ta fara aiki.

Haka bankin ya zauna shekaru da yawa, kamfanin Ingila mai rassa a Afirka ta Yamma. A 1957 ya cire kalmar da ke nuna na Ingilishi ne daga sunansa, ya koma Bank of West Africa. A tsakiyar shekarun 1960 bankin Standard ya saye shi, sunan ya koma Standard Bank of West Africa a 1966. Sa'an nan Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa Dokar Kamfanoni ta 1968, wadda ta tilasta wa kamfanonin ƙasashen waje masu aiki a Nijeriya su yi rajista a nan gida. Saboda haka a 1969 aka yi rajistar Standard Bank of Nigeria Limited, aka mayar da harkokin rassan Nijeriya hannunsa. An fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari a 1971, a 1979 kuma ya ɗauki sunan First Bank of Nigeria.

Yanzu sai a tambaya, shekarar bankin nawa? In ana nufin harkar, watau sunanta da abokan cinikinta da tarihinta, to 1894 ake ƙidayawa. In ana nufin kamfanin Nijeriya wanda za a iya kai ƙara kotu, wanda yake da lambar rajista a wannan ƙasa, to 1969 ne. In kuwa ana nufin ranar da aka fara karɓar ajiya a kantar da ya gada, sai a koma baya kafin 1894. Bugu da ƙari, kamfanin da yake riƙe da bankin, wanda aka yi wa rajista da sunan FBN Holdings, a 2010 aka haife shi, aka kai shi kasuwar hannun jari a 2012. Ga shi uba ne a wajen mallaka, alhali kuwa a takarda ɗan ya girme shi da shekara 41.

Akwai darasi guda a cikin jerin sunayen nan. Canjin suna ba ya haifar da sabon kamfani. Abin da aka yi a 1979 canjin suna ne kurum, kamfanin 1969 ɗin nan ne dai, da bashinsa da dukiyarsa da lambarsa. Amma abin da aka yi a 1969 haihuwar sabon mutum ne a idon doka, ko da yake ma'aikata da gine-gine da masu ajiya ba su canza ba. Mai ajiya a reshe bai ga wani bambanci ba ran nan, lauya kuwa ya gani.

Labarin Union Bank ma kusan haka yake. Yana ƙidaya shekarunsa daga 1917, lokacin da Colonial Bank ya fara aiki a Nijeriya. Shi kuwa Colonial Bank tun 1836 aka kafa shi don ciniki a tsibiran Karibiyan. Barclays ya haɗiye shi a 1925, aka yi rajistar kamfanin Nijeriya a 1969, ya zama Union Bank a 1979. A nan shekarar da ake kira ta kafawa, a gaskiya shekarar fara aiki ce a wannan ƙasa.

Ranar kafawa

Ranar kafawa ba ta da ma'ana tsayayya a doka. Babu ofishin da ake zuwa a rubuta ta, babu takardar da ake bayarwa a kanta. Masu kamfani ne suke zaɓenta. Wani ya ɗauki ranar da shi da abokansa suka zauna suka ƙulla shawara, wani ranar da kakansa ya kafa rumfa a kasuwa, wani ranar da aka aza harsashin gini. Da yake tsufa yana jawo amincewar jama'a, akasari kowa yakan ɗauki mafi nisa daga cikin ranakun da zai iya kārewa.

Wannan ba laifi ba ne muddin akwai igiyar da ta haɗa tsohuwar harkar da ta yau ba tare da yankewa ba. Ɗalibin tarihi da wannan rana yake aiki, don ita ke nuna inda abu ya samo asali. Sai dai ba ta ɗora wa kowa alhaki. Ba a lissafa haraji da ita, ba a ƙidaya wa'adin taro da ita, kuma alƙali ba zai karɓe ta a matsayin shaidar cewa kamfani yana raye a wata rana ba.

Ranar rajista

Ita wannan rana a rubuce take a kan takardar shaidar rajista. A Nijeriya Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ita ke bayar da takardar. An kafa hukumar da dokar kamfanoni ta 1990, dokar 2020 kuma ta maye gurbin waccan. Abin da dokar ta tanada shi ne daga ranar da aka rubuta a takardar nan kamfani ya zama mutum mai zaman kansa, daban da masu shi. Yana iya mallakar fili da sunansa, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara, kuma mutuwar mai shi ba ta kashe shi. Tushen wannan ƙa'ida shi ne hukuncin da aka yanke a Ingila a 1896 a shari'ar Salomon, wanda kowane ɗalibin shari'a yake farawa da shi.

Akwai matakai biyu da mutane sukan ɗauka a matsayin rajistar kamfani, alhali ba ita ba ce. Na farko shi ne keɓe suna. Mai son kafa kamfani yakan nemi hukuma ta ajiye masa suna na tsawon kwana 60, amma takardar amincewa da suna ba ta haifi kowa ba tukuna. Na biyu shi ne rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta take farawa da BN, saɓanin ta kamfani mai farawa da RC. Sunan kasuwanci laƙabi ne da mutum yake ciniki da shi. Bashin da aka ci da laƙabin nan yana wuyan mai shi, har gidansa da gonarsa.

Daga ranar rajista ne wa'adodi suke fara gudu. Kamfanin da jama'a za su sayi hannun jarinsa dole ne ya yi taron farko da doka ta ƙayyade cikin wata 6. Babban taron shekara na farko kuma ba zai wuce wata 18 ba, sai ga ƙananan kamfanoni da masu mamba ɗaya, waɗanda dokar 2020 ta ɗauke musu wajibcin wannan taro. Waɗannan wa'adodi ba ruwansu da ko kamfanin ya sayar da allura ɗaya.

Inda wannan rana ta fi cizo shi ne maganar yarjejeniyar da aka ƙulla kafin ta. A 1866 an yi wata shari'a a Ingila tsakanin Kelner da Baxter. Waɗansu mutane suna shirin kafa kamfanin otal, sai suka karɓi giya ta fam 900 bashi, suka sa hannu a madadin kamfanin da ba a yi wa rajista ba tukuna. Daga baya aka yi rajistar, aka sha giyar, kamfanin ya karye bai biya ba. Kotu ta ce waɗanda suka sa hannun su biya daga aljihunsu, don ba a yi wa wanda ba a haifa ba wakilci, kuma amincewar da kamfanin ya yi daga baya ba ta gyara kome ba.

Dokar Nijeriya ta 1990 ta sassauta wannan, ta 2020 ma ta bi sawunta. Yanzu kamfani yana iya amincewa da yarjejeniyar da aka yi da sunansa kafin haihuwarsa, in ya yi haka kuwa ta zama tasa kamar yana nan aka ƙulla ta. Amma kafin ya amince, wanda ya sa hannu shi ke ɗauke da nauyin, sai fa in an rubuta saɓanin haka ƙarara a cikin yarjejeniyar.

Ranar fara aiki

Takardar rajista izinin rayuwa ce, ba ta nuna cewa an fara ciniki. Masana'anta tana bukatar fili da gini da injuna da wuta da horar da ma'aikata kafin ta fitar da kome. An yi wa kamfanin Peugeot na Nijeriya rajista a watan Disamba 1972, amma sai a 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motoci ta Kaduna. Kamfanin siminti na Ashaka an yi masa rajista a 1974, siminti bai fara fitowa ba sai a 1979. Kasuwar hannun jari ta Ikko ma an yi mata rajista a 1960, aka fara saye da sayarwa a 1961.

Wani lokaci kuwa lasin ne yake kawo jinkirin, don akwai sana'o'in da rajista kaɗai ba ta isa a shige su. Bankin Jaiz ya samo asali daga kamfanin Jaiz International, wanda aka kafa a 2003 don share fagen bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Babban Bankin Nijeriya bai ba shi lasin ba sai a watan Nuwamba 2011, ya kuma fara aiki a watan Janairu 2012 da rassa uku, a Abuja da Kaduna da Kano. Wanda ya ce harkar ta faro a 2003 ya yi gaskiya, wanda ya ce bankin ya fara a 2012 shi ma ya yi gaskiya. Amma wanda ya ce ya buɗe asusun ajiya a can a 2008, wannan sai a sake dubansa.

Masu haraji su ne suka fi kula da wannan rana, don ba a samun riba sai an fara ciniki. Dokar rangwamen haraji ga sababbin masana'antu ta 1971, alal misali, ta ƙidaya hutun shekara uku na farko daga ranar da aka tabbatar masana'anta ta fara fitar da kaya na sayarwa. Hikimar a fili take. Da za a ƙidaya daga ranar rajista, masana'antar da ta shekara biyar tana gini sai hutunta ya ƙare tun ba ta sayar da buhu ɗaya ba.

Tantance ranar fara aiki ya fi wuya, don babu takarda guda da ta ɗauke ta. Kama hayar ofis da ɗaukar ma'aikata da odar injuna duk shiri ne. Abin da ake nema shi ne alamar cinikin da aka kafa kamfanin dominsa: rasit na farko da aka yanka wa mai saye, kuɗin ciniki na farko da ya shiga asusun banki, da lissafin shekara na farko da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu.

Yadda abin yake a teburin ma'aikaci

Bari mu ɗauki misali irin wanda kwamitin bayar da kwangila yakan tarar. A ɗauka wani magini ya fara karɓar aikin gini da sunan kansa a 2009. A 2012 ya yi rajistar sunan kasuwanci. A watan Maris 2021 ya yi rajistar kamfani, ya kusan maimaita tsohon sunan. Kamfanin bai sami aikinsa na farko ba sai a watan Janairu 2022. A tsakiyar 2024 sai wata ma'aikata ta yi sanarwar gina azuzuwa, ta ce sai kamfanin da ya shekara biyar yana irin wannan aiki. Maginin ya kawo takardunsa, a samansu an buga cewa an kafa a 2009.

A bakinsa shekararsa 15 cikin sana'a, kuma bai yi ƙarya ba. Amma mai neman kwangilar kamfani ne, shekararsa 3 da 'yan watanni a duniya, aikinsa kuwa shekara 2 da rabi. Takardun kammala ayyukan 2015 da 2018 na mutumin ne, ba na kamfanin ba. In sanarwar ta yarda a lissafa gwanintar darektoci da manyan ma'aikata, to sai a karɓe su a wannan gurbi, a rubuta haka a fili cikin rahoton kwamiti. In kuwa ta ce gwanintar kamfanin kansa ake nufi, bai cika sharaɗi ba, kome ƙwarewar mai shi.

Inda za a gane maguɗi shi ne in aka ga takardar kammala aiki mai kwanan watan 2018 tana ɗauke da sunan kamfanin da lambarsa ta RC. A 2018 babu wannan lamba. Haka kuma in takardar shaidar biyan haraji ta nuna cinikin kamfanin na 2020. Ko dai an sake buga takardun daga baya, ko kuwa an ƙirƙire su. Gano wannan ba ya bukatar wani dogon bincike, jera ranaku kawai za a yi a gefen ranar rajista, a ga wace ce ta riga ta.

A ƙara ɗauka cewa a watan Fabrairu 2021 maginin ya karɓi siminti na naira miliyan 4 bashi, ya sa hannu da sunan kamfanin da yake shirin yi wa rajista. In kamfanin ya amince da cinikin bayan Maris, bashin ya koma kansa. In bai amince ba, mai siminti maginin zai bi. Da dillalin ya kai kamfanin ƙara ba tare da shaidar amincewar nan ba, zai ɓata kuɗinsa da lokacinsa a kan wanda bai ci bashinsa ba. Wata guda kacal ya raba ranakun biyu, amma shi ya yanke wanda zai biya.

Akwai kuma juyin wannan matsala. Wani yakan sayi tsohon kamfani wanda aka yi wa rajista, a ce a 1998, aka ajiye shi bai taɓa yin kome ba, ya canza darektoci, ya shigo da shi neman kwangila yana cewa ya haura shekara 25. A nan ranar rajista gaskiya ce, tsohuwa ce kuma, amma babu aiki a bayanta. Alamominsa su ne rashin lissafin shekara-shekara, da asusun bankin da aka buɗe kwanan nan, da canjin darektoci gaba ɗaya dab da fitowar sanarwa. Ashe ita ma ranar rajista, duk da ƙarfinta a doka, rayuwa kawai take shaidawa.

Saboda haka ma'aikacin da zai tsara fom ko sanarwa kada ya rubuta "shekarar kafawa" ya yi shiru, don kowa zai cika da abin da ya fi masa daɗi. Ya ware gurbi uku. Ya nemi ranar rajista tare da takardar shaida, ya kuma gwada ta da abin da ke cikin kundin CAC, wanda kowa yana iya dubawa ta intanet. Ya nemi ranar fara aiki tare da lissafin kuɗi da takardun haraji. In akwai tsohuwar harkar da kamfanin ya gada, a faɗi sunanta, a nuna takardar da aka mayar da dukiya da bashi da ita. Ɗalibi mai rubuta kundin bincike shi ma haka: in littafi ɗaya ya ce 1894, wani ya ce 1969, kada ya yi saurin cewa ɗaya ya yi kuskure. Ya fara tambayar wace rana kowannensu yake nufi, sa'an nan ya rubuta shekarar tare da abin da ya faru a cikinta.